BABI NA BIYU: DUNƘULE AYYUKA GOMA CIKIN SAKIN LAYI ƊAYA TA HANYAR KWATANTAWA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake ɗaukar ayyukan masana har guda goma a dunƙule su cikin sakin layi ɗaya a wajen bitar ayyukan da suka gabata, ta yadda sakin layin zai fito da inda sakamakon bincikensu ya haɗu da inda ya rabu. Domin kada bayanin ya tsaya a fatar baki kawai, an zaɓi batu guda aka bi shi tun daga farko har ƙarshe, wato batun dangin harshen Hausa. An zaɓi wannan batu ne saboda masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna rubutu a kansa, kuma ra'ayoyinsu sun sha bamban ƙwarai. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ayyuka goma ba sa dunƙuluwa sai an samo tambaya guda wadda dukkansu suke amsawa, sa'an nan a karkasa su bisa irin ma'aunin da kowanne ya yi amfani da shi wajen ba da amsar.

2.1 Jerantawa da Kwatantawa

Akwai hanyoyi biyu da aka saba bi wajen waiwayar ayyukan magabata. Ta farko ita ce jerantawa. A nan mai nazari yakan ɗauki ayyukan ɗaya bayan ɗaya, galibi bisa shekarun da suka fito, ya ba kowanne sakin layinsa. Sakin layin yakan fara da sunan marubuci da shekara, ya faɗi yawan babukan aikin da abin da ke cikin kowane babi, ya rufe da cewa aikin yana da alaƙa da wannan bincike amma sun bambanta. Idan aka ba kowane aiki kalmomi 150, ayyuka goma za su ci kalmomi 1,500. Duk da wannan tsawo, mai karatu zai kai ƙarshe bai san ko marubuci na uku ya yarda da na bakwai ba, domin babu inda aka haɗa su a jimla guda.

Hanya ta biyu ita ce kwatantawa. A nan batu ne yake jan ragamar sakin layi, sunayen marubuta kuwa sai su zama shaidu da ake kira a inda ake bukatarsu. Jimla guda tana iya ɗaukar marubuta uku idan matsayinsu ɗaya ne, haka kuma marubuci ɗaya yana iya fitowa sau biyu idan ya taɓa ɓangarori biyu na batun. Wannan hanya ta fi gajarta a takarda, amma ta fi cin lokaci, domin aikin auna ra'ayoyi da mai jerantawa yakan bar wa mai karatu, shi mai kwatantawa shi ne yake yin sa da kansa.

2.2 Ayyukan da Aka Zaɓa

Mataki na farko shi ne a rage kowane aiki zuwa jimla ɗaya ko biyu a kan kati ko a gefen littafin rubutu. Abin da ake rubutawa shi ne abin da aikin ya gano game da batun da ake nazari. Ba a bukatar tsarin babukansa ko tarihin marubucinsa. Ga yadda ayyukan goma suka kasance bayan an yi musu haka:

1. Lepsius (1880): ya sa Hausa cikin harsunan Ham, kusa da harsunan Barbar na Afirka ta Arewa, saboda tana bambanta jinsin namiji da na tamata a nahawunta.
2. Meinhof (1912): ya sa Hausa cikin harsunan Ham tare da Barbar da Somali da Fulatanci da Masai da Nama.
3. Lukas (1936): ya haɗa Hausa da wasu harsunan yankin Tafkin Cadi a rukunin da ya kira Cadi-Ham, ya ware wasu maƙwabtansu a rukunin Mandara.
4. Cohen (1947): ya kwatanta kalmomi kimanin 500 a dangin Ham da Sam, ya kawo misalan Hausa, amma bai lissafa ta cikin rassan dangin guda huɗu ba.
5. Westermann da Bryan (1952): sun raba harsunan yankin gida biyu, Cadi-Ham wanda Hausa take ciki, da kuma Cadi.
6. Greenberg (1963): ya haɗa gidajen biyu suka zama reshe guda, wato Cadi, ya ce shi ne reshe na biyar a dangin Afro-Asiya.
7. Newman da Ma (1966): sun nuna daidaiton sauti a tsakanin harsunan Cadi, suka raba su reshe biyu, Filato-Sahel da Biu-Mandara, Hausa tana cikin na farko.
8. Parsons (1970): ya yi shakkar ko hujjojin sauti da aka kawo sun isa su tabbatar da cewa Hausa harshen Cadi ce.
9. Newman (1977): ya raba Cadi reshe huɗu, ya sa Hausa da Gwandara a ƙaramin rukuni guda cikin reshen Yamma.
10. Jungraithmayr da Ibriszimow (1994): sun raba Cadi reshe uku, Hausa tana cikin na Yamma.

Wannan jeri ba bita ba ne tukuna, kayan aiki ne kawai, kamar tubalin da aka tara kafin a fara gini. Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗaɗa kowane layi ya zama sakin layi, a ɗauka an gama.

2.3 Neman Tambaya da Ma'auni

Mataki na biyu shi ne a nemo tambayar da ayyukan goma suke amsawa. Dole ne tambayar ta kasance wadda amsarta za ta iya bambanta daga marubuci zuwa marubuci. Idan aka ce, "Me masana suka faɗa a kan Hausa?" tambayar ta yi faɗi da yawa, kuma jerantawa kawai za ta haifar. Idan kuwa aka ce, "Da waɗanne harsuna Hausa take da dangantaka ta asali, kuma da wace hujja?" to kowane aiki cikin goman yana da amsa, kuma ana iya ɗora amsoshin a kan sikeli guda.

Tambayar tana da ɓangare biyu, sakamako da hujja. A nan ne mabuɗin aikin yake. Idan aka sake duban katunan ana neman hujja, za a ga cewa masanan goma ma'auni uku kawai suka yi amfani da su.

Ma'auni na farko shi ne siffar nahawu, musamman jinsi. Hausa tana cewa "yaro ya zo" da "yarinya ta zo", alhali harsuna da yawa na Afirka ta Yamma, kamar Yarabanci da Barbarci na Barno, ba sa yin wannan bambanci. Masanan farko sun ɗauki wannan siffa a matsayin alamar dangi. Rauninta shi ne harsunan da ba su haɗa komai ba suna iya mallakar jinsi, haka kuma harshe yana iya yar da jinsinsa ya ci gaba da zama ɗan dangi.

Ma'auni na biyu shi ne kamancin da ya haɗa sauti da ma'ana a lokaci guda, a kalmomin yau da kullum da ƙananan ƙwayoyin nahawu. A nan ba samuwar jinsi ake dubawa ba, sautin da yake nuna jinsin ake dubawa. Misali, Hausa tana da "ka" ga namiji da "ki" ga tamata, Larabci ma yana da "ka" da "ki" a ƙarshen suna don nuna mallakar namiji da ta mace. Sautin "t" yana nuna tamata a harsunan biyu. Ɗafa-goshin "ma-" yana gina sunan wuri da na kayan aiki a Hausa, kamar masauki da mabuɗi, kamar yadda "m" yake yi a Larabci a kalmomin manzil da miftahu. Irin waɗannan ƙwayoyi ba kasafai ake aron su ba, saɓanin kalmomi irin su littafi da alƙalami waɗanda kowa ya san daga Larabci aka aro su.

Ma'auni na uku shi ne daidaiton sauti mai bin ƙa'ida. A nan ba a wadatuwa da kamanci, sai an nuna cewa sauti kaza a wannan harshe yana dacewa da sauti kaza a wancan harshe a kalmomi da yawa. Misali, an gano cewa tsohon sautin "r" na tsakiya ko ƙarshen kalma ya rikiɗe a Hausa ya koma "y" ko "i". Wannan ne ya sa kalmar mai take dacewa da "mar", kifi kuma take dacewa da "kirfi", waɗanda su ne sifofin da aka ƙiyasta wa uwar harsunan Cadi. Amfanin wannan ma'auni shi ne yana gano dangantaka ko da kalmomin sun daina kama da juna a kunne.

2.4 Karkasa Ayyukan

Mataki na uku shi ne a tara katunan bisa waɗannan ma'aunai. Lepsius da Meinhof da Lukas da Westermann da Bryan sun faɗa rukuni na farko, domin jinsi da sauran siffofin nahawu ne suka fi rinjaye a rabe-rabensu. Cohen da Greenberg sun faɗa rukuni na biyu. Newman da Ma, da Parsons, da Newman, da Jungraithmayr da Ibriszimow sun faɗa rukuni na uku. Ke nan ayyuka goma sun koma rukuni uku: huɗu, biyu, huɗu.

Da zarar an yi wannan, sai wani abu ya bayyana wanda ba a gani a jerin farko. Masu ma'aunin jinsi duk sun janyo Hausa zuwa arewa, suka raba ta da wasu maƙwabtanta na kusa, irin su Bura da Margi, waɗanda ba sa bambanta jinsi a sunayensu. Masu ma'auni na biyu da na uku kuwa, in ban da mutum biyu da suka yi dari-dari, sun mayar da Hausa cikin maƙwabtan nata, sa'an nan suka danganta su gaba ɗaya da babban dangi. Wato bambancin sakamako ya biyo bambancin ma'auni ne. Wannan magana ita ce za ta zama jimlar farko ta sakin layin, kuma ba a kwafo ta daga ko ɗaya cikin katunan goma ba. Daga ɗora su gefe da gefe ta fito.

Ya kamata a lura cewa rukunonin sun ɗan dace da jerin shekaru, amma ba shekaru aka bi ba. Cohen (1947) ya riga Westermann da Bryan (1952) fitowa, amma yana rukuni na biyu, su kuma suna na farko. Wanda ya bi shekaru kawai zai sa Cohen a tsakanin Lukas da Westermann da Bryan, ya raba ayyuka biyu da suke magana da murya ɗaya.

2.5 Wuraren da Ake Tuntuɓe

Kafin a rubuta sakin layin, akwai wurare huɗu da ake bukatar taka-tsantsan, domin a nan ne kwatantawa takan ɓaci ta koma ƙarya.

Na farko, yarda ta zahiri wadda ba ta kai ciki ba. Meinhof da Greenberg duk sun danganta Hausa da harsunan Barbar da Somali, don haka mai gaggawa zai rubuta cewa ra'ayinsu ɗaya ne. Amma Greenberg ya rushe rukunin Ham ɗin baki ɗaya. Ya fitar da Fulatanci da Masai da Nama ya kai kowanne wani dangi daban, ya kuma soki yadda aka cakuɗa batun launin fata da kiwon shanu cikin rabon harsuna. Saboda haka sun haɗu a kan Hausa, sun rabu a kan dalili da kuma sauran 'yan rukunin. Sakin layin da ya ce sun yarda da juna ba tare da wannan sharaɗi ba ya ɓatar da mai karatu.

Na biyu, kalma ɗaya mai ma'ana biyu. Kalmar Cadi ta fito a wurin Westermann da Bryan, ta kuma fito a wurin Greenberg. A wurin na farko, Cadi rukuni ne da Hausa ba ta ciki, domin ita tana Cadi-Ham. A wurin na biyu, Cadi ya ƙunshi rukunonin biyu, Hausa ma tana ciki. Wanda bai lura da wannan ba zai ga kamar wani ya ce Hausa Cadi ce wani ya ce ba Cadi ba ce a kan abu guda, alhali iyakar kalmar ce ta sauya. Maganin wannan shi ne a rubuta a kan kowane kati abin da marubucin yake nufi da muhimmiyar kalmar.

Na uku, shakka iri biyu. Cohen da Parsons duk sun yi dari-dari, kuma akwai sha'awar a haɗa su a jimla guda a ce su ne masu adawa. Amma ba abu ɗaya suke shakka ba. Cohen yana duban dangantakar Hausa da babban dangi na sama, wato Larabci da tsohon harshen Masar da Barbar da Kush. Parsons kuwa yana duban dangantakarta da ƙananan harsunan da ke kewaye da ita. Ana iya ambatonsu kusa da juna, amma sai an faɗi matakin da kowanne yake magana a kai.

Na huɗu, ƙidayar murya. Bita ba ƙuri'a ba ce da za a ce mutum huɗu sun ce kaza, biyu sun ce kaza, don haka huɗu sun yi nasara. Rabon da Westermann da Bryan suka kawo a kan aikin Lukas aka gina shi, saboda haka ba shaida ce mai zaman kanta ba. Haka kuma Newman (1977) gyara ne ga Newman da Ma (1966), marubuci ɗaya yana cikin duka biyun. A irin wannan hali akan yi amfani da kalmomi kamar "suka bi shi" ko "ya sake fasalin", domin mai karatu ya san wane aiki ne ya dogara da wane.

2.6 Sakin Layin da Aka Dunƙule

Mataki na huɗu shi ne rubutawa. Tsarin da ya dace shi ne jimlar farko ta faɗi hukuncin da aka fitar daga kwatancin, kowane rukuni ya sami jimla ɗaya zuwa uku, jimlar ƙarshe kuma ta nuna abin da aka daidaita a kai da abin da ya rage. Ga sakin layin:

"Amsar da masana suka bayar game da dangin harshen Hausa ta riƙa sauyawa ne gwargwadon ma'aunin da suka ɗauka. Waɗanda suka dogara da siffar nahawu, musamman jinsi, sun janyo Hausa zuwa ga harsunan Ham (Lepsius 1880, Meinhof 1912), kuma ko da Lukas (1936) ya samo mata 'yan'uwa a yankin Tafkin Cadi, wannan ma'auni ya sa shi ware wasu maƙwabtanta a wani rukuni, rabon da Westermann da Bryan (1952) suka bi. Da aka koma ga kamancin sauti da ma'ana, sai rukunin Ham ya rushe, amma masu wannan hanya ba su tsaya wuri ɗaya ba: Cohen (1947) ya kawo misalan Hausa ba tare da ya ba ta reshe ba, a yayin da Greenberg (1963) ya haɗe rukunonin Lukas biyu ya mai da su reshe na biyar na Afro-Asiya. Ma'auni na uku, wato daidaiton sauti, shi ne ya gwada wannan haɗi. Newman da Ma (1966) sun same shi da ƙarfi, Parsons (1970) kuwa ya ga hujjar ba ta isa ba a kan Hausa ita kanta, sai dai ayyukan da suka biyo baya sun bar ta a cikin Cadi. Newman (1977) da Jungraithmayr da Ibriszimow (1994) sun saɓa a kan yawan rassa, huɗu ko uku, saboda matsayin harsunan Masa, amma duk sun sa Hausa a reshen Yamma. Ke nan saɓanin ya tashi daga tambayar ko Hausa tana cikin dangin, ya koma kan yadda za a tsara rassan dangin."

Wannan sakin layi jimla bakwai ne, kalmominsa kuma ba su kai 250 ba, amma ayyukan goma duk sun fito. Idan aka duba da kyau za a ga cewa jimla biyu kawai suka fara da sunan marubuci, kuma kowace daga cikinsu marubuta fiye da ɗaya take aunawa. Jimlar farko da ta ƙarshe ba su da sunan kowa, domin hukuncin mai nazari ne. Har wa yau, nauyin kwatancin yana kan ƙananan kalmomi ne irin su "ko da", "amma", "a yayin da", "kuwa" da "sai dai". Kowace daga cikinsu da'awa ce, domin duk inda aka sa "amma" an ce akwai saɓani, kuma dole ne saɓanin ya kasance akwai shi a cikin ayyukan. Haka ma aikatau da aka zaɓa. An ce Cohen "ya kawo misalai", an ce Parsons "ya ga hujjar ba ta isa ba". Da an ce Parsons "ya tabbatar Hausa ba Cadi ba ce", da an ɗora masa abin da ya fi ƙarfin tambayar da ya yi.

2.7 Hanyoyin Gwada Sakin Layi

Akwai gwaji uku masu sauƙi da za su nuna ko sakin layi kwatanci ne ko kuwa jeri ne da aka matse.

Gwajin farko shi ne rufe sunaye. A rufe duk sunayen marubuta da shekaru da yatsa ko da takarda, a karanta abin da ya rage. Idan har yanzu ana jin bayani mai kai da gindi a kan dangin Hausa, to batu ne yake jan sakin layin. Idan kuwa abin da ya rage shi ne "ya ce", "shi ma ya ce", "haka kuma ya ce", to jeri ne.

Gwaji na biyu shi ne sauya wa jimloli wuri. A jeri, ana iya ɗaukar bayanin Parsons a kai shi gaba da na Lukas ba tare da komai ya lalace ba, domin jimlolin ba su jingina da juna ba. A sakin layin da ke sama kuwa, jimlar da ta ce daidaiton sauti ya gwada "wannan haɗi" ba za ta yi ma'ana ba sai bayan an ambaci haɗin da Greenberg ya yi. Jimlar da ta ƙi motsawa daga wurinta alama ce ta cewa an ɗaure ta da 'yan'uwanta.

Gwaji na uku shi ne komawa ga katuna. A ɗauki kowane kati a nemi inda yake a sakin layin, a tambaya ko marubucin zai amince da yadda aka bayyana matsayinsa. A nan ne ake kama kurakuran matsi, kamar haɗa Cohen da Greenberg a baka guda a ce duk sun sa Hausa cikin dangin.

2.8 Iyakar Wannan Hanya

Dunƙulewa tana da farashi. A sakin layin da ke sama an bar abubuwa da dama: ba a ambaci Fulatanci da Masai da Nama ba, ba a faɗi sunayen rassa biyu na Newman da Ma ba, ba a kuma kawo misalin kalma ko ɗaya ba. An bar su ne domin ba su sauya amsar tambayar da aka ɗauka ba. Da tambayar ta sauya, da abin da za a bari ma ya sauya. Misali, idan kundin a kan dangantakar Hausa da Gwandara yake, to Newman (1977) ya cancanci sakin layi nasa shi kaɗai, masanan farko huɗu kuma su wadatu da rabin jimla. Ƙa'idar ita ce, aikin da binciken zai ɗora gini a kansa ko zai yi jayayya da shi a ba shi fili, sauran kuma a dunƙule su.

Haka kuma, ba kowane tarin ayyuka goma ne yake shiga sakin layi ɗaya ba. Idan aka ƙara wani aiki a kan karin sautin Hausa ko a kan kalmomin aro daga Larabci, ba zai sami gurbi a cikin rukunonin uku ba, domin wata tambaya yake amsawa. Katin da ya ƙi shiga kowane rukuni, ko dai a buɗe masa wani sakin layi da tasa tambayar, ko a cire shi daga bitar. Cusa shi da kalmar "haka kuma" shi yake mayar da kwatanci jeri.

Abu na ƙarshe ya shafi amana. Ayyukan Lepsius da Meinhof da Jamusanci aka rubuta su, na Cohen kuma da Faransanci. Ɗalibin da bai karanta su daga tushe ba, ta bakin wani ya san su, kuma sau da yawa ta bakin wanda ya zo yana sukarsu. Wajibi ne a nuna haka a cikin rubutu, a ce "kamar yadda wane ya ruwaito", domin masu duba kundi su san cewa hoton da aka bayar na Meinhof, alal misali, ya bi ta hannun Greenberg ko wani kafin ya iso. Matse ayyuka cikin baka guda yana sauƙaƙa ɓoye wannan, don haka a nan ne ya fi kamata a kula.

2.9 Kammalawa

A wannan babi an bi matakai huɗu na dunƙule ayyuka goma: rage kowane aiki zuwa sakamakonsa, samo tambaya guda da ma'aunan da aka amsa ta da su, karkasa ayyukan bisa ma'aunan, da rubuta sakin layin da hukunci yake buɗe shi yake kuma rufe shi. An ga cewa a batun dangin Hausa ayyuka goma sun koma rukuni uku, kuma daga rukunonin ne aka gane cewa sauyin ma'auni shi ya haifar da sauyin sakamako. An kuma nuna wurare huɗu da ake tuntuɓe, da gwaji uku da za a yi wa sakin layi kafin a miƙa shi. Jimlar ƙarshe ta irin wannan sakin layi ita ce take nuna giɓin da ya rage, kuma daga wannan giɓi ne babin da ke biye yakan ɗauko dalilin gudanar da bincike.